Yadda Inshora Ke Raba Asarar Mutum Ɗaya a Kan Mutum Dubu

Inshora yarjejeniya ce da mutane masu fuskantar haɗari iri ɗaya ke shiga, kowa ya zuba ɗan kuɗi kaɗan a asusu guda, domin a biya 'yan tsirarun da asara ta faɗa wa daga cikin abin da aka tara. Kamfanin inshora shi ne mai riƙe asusun, shi ne kuma ke ɗaukar alkawarin biya ko da abin da aka tara a shekarar bai isa ba. Inshora ba ta hana gobara tashi, ba ta hana mota kifewa. Aikinta shi ne ta mayar da babbar asarar da ba a san ranarta ba, ba a kuma san kan wanda za ta faɗa ba, ta zama ƙaramin kuɗi sananne da mutum zai iya sakawa a lissafin shekararsa.

Akwai inshorar mota, ta lafiya, ta rai, ta kayan da ke kan hanya da ta amfanin gona, amma ƙashin bayansu ɗaya ne. Inshorar gobara ta kayan shago ta fi sauran sauƙin bi daki-daki, don haka da ita za a yi bayani a nan. Duk alƙaluman shagunan da za a kawo na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya fito fili.

Asusun mutum dubu

A ɗauka akwai 'yan kasuwa 1,000 a garuruwa dabam-dabam, kowanne da kayan naira miliyan 5 a shagonsa. A ɗauka kuma bayanan shekarun baya sun nuna cewa a cikin kowane shago dubu irin waɗannan, kimanin huɗu ne ke ƙonewa ƙurmus a shekara. Babu wanda ya san waɗanne huɗu ne. Idan kowa ya tsaya shi kaɗai, mutum 996 za su wuce shekarar lafiya, mutum huɗu kuma su wayi gari jarinsu ya zama toka. Jimillar asarar naira miliyan 20 ce. Idan aka raba ta a kan mutum dubun tun farkon shekara, naira 20,000 ce ta hau kan kowa. Mai jarin miliyan 5 zai iya fitar da dubu 20 ba tare da ya girgiza ba, amma ba zai iya rasa miliyan 5 ya tashi cikin sauƙi ba.

Wanda ya san adashi zai ga kama, domin nan ma zubi ake yi a hannu ɗaya. Sai dai a adashi kowa na da ranar kwasarsa, kuma abin da ya zuba shi yake dawo masa. A inshora ba kowa ke kwasa ba, sai wanda tsautsayi ya faɗa wa, shi kuma yakan karɓi abin da ya ninka zubinsa sau ɗaruruwa. Sauran ba a mayar musu da komai. Daga nan ne yawancin ƙorafin mutane ke tasowa, a ji mutum yana cewa ya shekara goma yana biya bai taɓa cin ko kwabo ba. Kuɗin nasa ba ajiya ba ne. Da su aka biya waɗanda suka yi gobara a waɗannan shekaru goma, shi kuma abin da ya saya shi ne alkawarin cewa da shi abin ya faɗa wa, da shi za a biya.

Yawan mutanen da ke cikin asusun shi ne ke sa lissafin ya tsaya. 'Yan kasuwa goma kacal idan suka haɗa irin wannan asusu, naira 200,000 za su tara a shekara. Yawancin shekaru babu abin da zai faru, amma ranar da shago ɗaya ya ƙone ana neman miliyan 5, wato zubin shekara 25. Idan gobarar ta zo a shekara ta biyu, asusun ya rushe. Da mutum 1,000 abin ya fi dama, amma har yanzu da sauran tangal-tangal: ana sa ran gobara huɗu, wata shekara a sami ɗaya, wata a sami takwas, wato ninki biyu na abin da aka shirya wa. Da shaguna 100,000 ana sa ran gobara 400, kuma a mafi yawan shekaru adadin ba zai fita daga tsakanin 360 zuwa 440 ba. Bambancin ya sauko daga ninki biyu zuwa kusan kashi 10 cikin ɗari. Masana lissafi sun daɗe da tabbatar da wannan ƙa'ida, cewa yayin da adadi ke ƙaruwa, abin da ke faruwa a zahiri yana ƙara kusantar abin da aka ƙiyasta. Jacob Bernoulli, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, shi ne ya kafa hujjarta a littafinsa da aka buga a 1713, bayan rasuwarsa.

Sharaɗin da ke rushe lissafin

Wannan ƙa'ida tana da sharaɗi mai nauyi: dole gobarar wannan shago ta kasance ba ruwanta da ta wancan. Shi ya sa aka ce shagunan misalin suna garuruwa dabam-dabam. Idan duka dubun suna jere a kasuwa ɗaya, rufinsu a haɗe, wayar lantarkinsu ɗaya, to ba haɗari dubu kamfanin ya ɗauka ba, babban haɗari guda ya ɗauka. Gobarar da ta tashi a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna a dare ɗaya. Kamfanin da ya karɓi dubu 20 daga kowane ɗayan shaguna dubu a wuri irin wannan zai tara miliyan 20, a wayi gari ana binsa biliyan 5.

Inshorar gobara ta zamani ma daga irin wannan bala'i ta samo asali. Babbar gobarar Landan ta 1666 ta ƙone gidaje fiye da 13,000, kuma a shekarun da suka biyo baya ne aka fara kafa kamfanonin da ke sayar wa masu gidaje inshorar gobara a birnin.

Kamfanoni suna kare kansu daga wannan ta hanyoyi biyu. Ta farko, suna taƙaita yawan abin da za su ɗauka a unguwa ɗaya ko kasuwa ɗaya, shi ya sa wani lokaci ɗan kasuwa zai je da kuɗinsa a hannu a ƙi karɓa, ko a tsawwala masa farashi, ba don an ga aibu a shagonsa ba sai don kamfanin ya riga ya cika kasonsa a wannan layin. Ta biyu, su ma suna yi wa kansu inshora a wurin manyan kamfanonin da sana'arsu ke nan. Kamfanin zai miƙa wani kaso na kuɗin da ya tara, a madadin haka babban kamfanin ya ɗauki asarar da ta haura wani adadi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan shi ne Africa Re, wanda ƙasashen Afirka da Bankin Raya Afirka suka kafa a 1976, hedikwatarsa tana Legas. Ta wannan hanya gobarar Kano takan rabu a kan asusun da masu zubinsa ke ƙasashe da dama. Haɗarin da ke faɗa wa kowa lokaci guda kuma ba shi da iyaka, kamar yaƙi, ba ya rabuwa ko ta wannan hanyar, don haka takardun inshora suke cire shi ƙarara.

Kuɗin inshora: daga ina farashin ke fitowa

Kuɗin inshora shi ne abin da mutum ke biya, galibi shekara-shekara, domin kamfani ya ɗauki haɗarinsa. Naira 20,000 ɗin da aka samu a misalin baya ita ce tsurar kuɗin haɗarin, kuma babu kamfanin da zai sayar a haka. Sai ya ɗora albashin ma'aikata da hayar ofis, da la'adar wakili ko dillalin da ya kawo cinikin, da kuɗin da zai biya babban kamfanin da ke bayansa, da wani abu na ko-ta-kwana saboda shekarar da gobara za ta zo takwas maimakon huɗu, sannan riba. Idan aka haɗa, abin zai iya kaiwa naira 30,000, wato kashi 0.6 cikin ɗari na miliyan 5. Haka ake faɗin farashin inshorar dukiya, kaso ne na darajar abin da aka yi wa inshora.

Wannan yana nufin cewa idan aka haɗa duk masu inshora wuri ɗaya, abin da suke biya ya fi abin da suke karɓa. Haka tsarin yake, kuma daga nan ake gane abin da ya cancanci inshora. Asarar da mutum zai iya ɗauka daga aljihunsa, kamar fashewar gilashin kanta, biyan kamfani ya ɗauke ta hasarar kuɗi ce a tsawon lokaci. Asarar da za ta durƙusar da shi ita ce ta cancanci ƙarin dubu goman nan.

Ba kowa ke biyan farashi ɗaya ba, domin ba kowane shago ke da haɗari ɗaya ba. Shagon bulo mai rufin kankare da ke sayar da tayil ba daidai yake da rumfar katako da ke sayar da katifa ko turare ba, balle wadda ake ajiye jarkar fetur ta janareta a cikinta. Kafin a yanka farashi kamfani yakan ba mutum takardar tambayoyi: da me aka gina shagon, me ake sayarwa, me maƙwabta ke sayarwa, ko akwai tukunyar kashe gobara, ko an taɓa yin gobara a baya. Idan dukiyar tana da yawa, a aiko mai dubawa ya gani da idonsa.

Dalilin wannan bambanci ya wuce son riba. A ce kamfani ya yanka wa kowa dubu 30, alhali mai tayil haɗarinsa na dubu 10 ne, mai katifa kuma na dubu 60. Mai tayil zai ga an cuce shi ya fice, mai katifa ya ga garaɓasa ya kira 'yan uwansa. Shekara mai zuwa asusun ya cika da masu haɗari, gobara ta ƙaru, a ƙara farashi, matsakaita su ma su fice. A haka asusun ke lalacewa daga ciki. Tambayoyin da ke kan takardar nan su ne katangar da ke hana hakan, shi ya sa doka ta ɗauke su da muhimmanci. Wanda ya ɓoye wani abu da zai iya sauya farashi ko ya sa a ƙi karɓarsa, kamfani na da ikon warware yarjejeniyar ranar da gaskiya ta fito, kuma yawanci ranar gobara take fitowa.

A Najeriya akwai ƙa'idar cewa idan ba a biya kuɗin inshora ba, babu inshora. Dokar inshora ta 2003 ta tanade ta, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta tsananta aiki da ita daga farkon 2013. Alkawarin baki da wakili, cewa a rubuta takarda kuɗi na tafe, ba ya kare kowa. Haka nan yarjejeniyar tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Gobarar da ta tashi kwana ɗaya bayan ƙarewar wa'adi, kafin a sabunta, ba ta shiga ciki, ko da mutum ya shekara ashirin yana biya. Ƙasashen Nijar, Kamaru da Cadi suna bin dokar inshora ta bai-ɗaya ta ƙungiyar CIMA, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ta a Yawunde a 1992, kuma can ma biya ne ke gaba da kariya.

Kason da mai inshora ke ɗauka da kansa

A yawancin takardun inshorar dukiya akwai wani adadi da aka rubuta cewa shi mai inshora ne zai ɗauke shi a kowace asara, kamfani ya biya abin da ya haura. Ma'aikatan harkar a Najeriya suna kiransa ekses. Idan adadin naira 200,000 ne, aka yi asarar miliyan 1, kamfani zai biya 800,000. Idan asarar 150,000 ce, ba zai biya komai ba. Wani lokaci ana rubuta shi da kaso, misali kashi 10 cikin ɗari na asarar, tare da mafi ƙarancin adadin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. Ba kuɗi ne da mutum ke kai wa kamfani ba, zaftare shi ake yi daga diyyar. Kuma a kan kowace asara yake hawa, wanda ya yi gobara biyu a shekara sau biyu za a cire masa.

Mutane da yawa suna ganin wannan a matsayin dabarar rage musu haƙƙi, amma lissafin asusun yana nuna amfaninsa. A koma ga shaguna dubun nan, a ƙara wani abu da aka bari a baya don sauƙi: ban da gobara huɗu manya, akwai ƙananan tartsatsi da ake kashewa nan take. A ce guda 60 ne a shekara, kowanne yana lalata kayan naira 100,000. Wannan miliyan 6 ke nan a kan miliyan 20, tsurar kuɗin haɗarin ya tashi daga dubu 20 zuwa dubu 26. Idan aka sa kason naira 200,000, duk sittin ɗin sun fita daga asusun, manyan huɗun kuma kowacce ta koma miliyan 4.8. Jimilla miliyan 19.2, wato naira 19,200 a kan kowa. Ragin ma ya fi haka a aikace, domin kowace neman diyya, komai ƙanƙantarta, sai an buɗe mata fayil an aika mai dubawa, kuma ba abin mamaki ba ne kuɗin binciken asarar dubu 100 ya cinye kaso mai tsoka na darajarta.

Akwai dalili na biyu, wanda ya shafi halin ɗan Adam. Wanda ya san komai ya lalace za a biya shi cif-cif yakan yi sakaci, ya bar soket a kunne ya tafi gida, ya ƙi sauya tsohuwar waya. Idan ya san dubu 200 na farko daga aljihunsa za su fita, hankalinsa ba zai bar shagon ba.

Sau da yawa mutum na iya zaɓar girman kason. Babban kaso yana rage kuɗin shekara, ƙarami yana ƙara shi. Ma'aunin da ya dace shi ne adadin da mutum zai iya fitarwa gobe da safe ba tare da cin bashi ba. Wanda ya zaɓi kason miliyan 1 don ya rage 'yan dubbai a shekara, alhali ba shi da ajiyar da ta kai haka, ya bar wa kansa ramin da inshorar ba za ta cike ba.

Neman diyya

Neman diyya shi ne mai inshora ya sanar da kamfani cewa abin da aka yi yarjejeniya a kansa ya faru, ya buƙaci a biya. Matakin farko sanarwa ce ba tare da ɓata lokaci ba, a rubuce, domin takardar yarjejeniya tana ƙayyade wa'adi kuma jinkiri kaɗai na iya zama hujjar ƙin biya. Sai a cika takardar neman diyya, a haɗa da rahoton 'yan kwana-kwana, sau da yawa har da na 'yan sanda. Kada a kwashe tokar ko a zubar da kayan da suka ƙone kafin a zo dubawa, amma wajibi ne a tsare abin da ya tsira kada ruwa ko ɓarayi su ƙarasa shi.

Kamfani zai turo mai ƙiyasta asara, ƙwararre ne da aikinsa shi ne amsa tambayoyi uku: mene ne ya jawo asarar, shin yarjejeniyar ta ƙunshi wannan dalili, kuma nawa ne aka rasa. Tambaya ta biyu tana kayar da mutane. Inshorar gobara zalla tana ɗaukar gobara da tsawa, amma ambaliya, guguwa da ɓarnar tarzoma sai an ƙara su da ƙarin kuɗi. Satar da aka yi ana cikin hayaniyar kashe wuta galibi ba ta ciki. Tsabar kuɗin da ke cikin durowa ma haka. Akwai kuma kayan amana da kayan da aka karɓo a sayar a ba mai su kuɗi, waɗanda suka cika shagunan manyan kasuwannin ƙasar Hausa. Idan ba a ambace su a yarjejeniyar ba, ba za a lissafa su ba. Ɗan haya kuwa kayansa yake yi wa inshora, ginin na mai shi ne.

Tambaya ta uku takardu ne ke amsa ta: rasiɗan sayen kaya, littafin shige da fice, bayanan asusun banki. Nauyin tabbatar da yawan abin da ya ƙone yana kan mai nema. Littafin da aka bari a cikin shagon tare da kayan zai ƙone, shi ya sa wasu yarjejeniyoyin ke shardanta a ajiye shi a wani wuri dabam ko a cikin akwatin da wuta ba ta ci. Hoton shafukan littafin da na rasiɗai a waya, ana ɗauka a kai a kai, yana rage gardama sosai.

Ƙa'idar diyya ita ce a mayar da mutum inda yake kafin asarar, ba a ɗaga shi sama da nan ba. Saboda haka da kuɗin da kayan za su ci a saro su ake lissafi, ba da farashin da ake sayar wa mai saye ba, kuma ribar da za a samu da kasuwancin bai tsaya ba wata inshora ce dabam. Yi wa kaya ɗaya inshora a kamfani biyu ba ya kawo diyya biyu, raba biyan suke yi a tsakaninsu.

Ga yadda lissafin ke kasancewa. Wani mai sayar da atamfa ya yi wa kayansa inshorar naira miliyan 5 a watan Janairu, da kason kansa na 200,000. Sallah ta matso, ya ƙaro kaya, farashi kuma ya tashi, har abin da ke shagon ya kai miliyan 8, bai sanar da kamfani ba. Gobara ta tashi ta ci sashen gaba. Mai ƙiyasta asara ya ƙirga, ya cire darajar turamen da hayaƙi ya taɓa amma za su sayu da rangwame, ya tsayar da asarar a miliyan 4. Ɗan kasuwar yana ganin tunda 4 ba ta kai 5 ba, za a biya shi duka.

Ba haka za a yi ba. Yawancin takardun inshorar gobara suna da sharaɗin cewa idan darajar kaya ta fi adadin da aka yi wa inshora, mai kayan shi ne ya ɗauki haɗarin rarar da kansa, don haka zai ɗauki kasonsa na kowace asara. Ya biya kuɗin miliyan 5 cikin 8, to kashi biyar cikin takwas na asarar ne ke kan kamfani. Biyar cikin takwas na miliyan 4 shi ne miliyan 2.5. A cire 200,000, saura miliyan 2.3. Ya rasa miliyan 4, ya karɓi ɗan abin da ya haura rabi. Da ya ɗaga inshorar zuwa miliyan 8, a farashin kashi 0.6 cikin ɗari ƙarin bai wuce naira 18,000 a shekara ba, kuma da miliyan 3.8 zai karɓa.

Sharaɗin yana da zafi, amma hujjarsa a fili take. Yawancin gobara ba ta cinye komai da komai. Da babu shi, kowa zai yi wa rabin kayansa inshora ya biya rabin kuɗi, ya kuma karɓi cikakkiyar diyya a kan yawancin asara, sai asusun ya tara rabin abin da yake buƙata. A lokacin da farashi ke tashi da sauri, mutum na iya faɗawa wannan tarko ba tare da ya ƙara ko turmi ɗaya ba, domin darajar ranar gobara ake dubawa, ba ta ranar sa hannu ba. Maganinsa shi ne a sanar da kamfani a rubuce duk lokacin da kaya suka ƙaru sosai, a biya cikon.

Bayan rahoton mai ƙiyasi, kamfani zai gabatar da tayin abin da zai biya, tare da takardar sallama da mai inshora zai sa wa hannu cewa ya yarda wannan ne cikakken haƙƙinsa. Kafin sa hannu ne ake gardama, bayansa ƙofa ta kusa rufewa. Mutum na da damar neman a nuna masa lissafin layi-layi, kuma wanda ya sayi inshorarsa ta hannun dillali mai rajista, aikin dillalin ne ya tsaya masa, domin dillali wakilin mai saye ne, saɓanin wakilin kamfani. Idan aka kasa daidaitawa, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi, sannan akwai kotu. Ƙara yawan asara da gangan kuwa, kamar haɗa rasiɗan ƙarya, yana iya soke neman diyyar gaba ɗayanta, har da ɓangaren da yake gaskiya.

Inshorar mota da takaful

Yawancin mutane ta takardar mota suka san inshora, kuma a nan ne aka fi rashin fahimtar wanda ake biya. Inshorar da doka ta wajabta wa kowane mai mota tana biyan mutumin da aka yi wa ɓarna ne, ba mai motar ba. Daga Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida a Najeriya ya koma naira 15,000, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har zuwa naira miliyan 3. Direban da ya daki motar wani zai iya sa kamfaninsa ya biya gyaran waccan motar, amma gyaran tasa sai idan cikakkiyar inshora ya saya, wadda ake yanka kuɗinta bisa darajar motar kuma take da nata kason da ake zaftarewa.

Malamai da yawa na Musulunci sun yi inkarin inshorar kasuwanci saboda rashin tabbas a cikin abin da ake musaya, da kamanninta da caca, da kuma zuba kuɗin asusun a harkokin ruwa. Daga nan tsarin takaful ya fito. An kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan a 1979, NAICOM kuma ta fitar da ƙa'idojin takaful a Najeriya a 2013. A wannan tsari zubin kowa gudummawa ce ga asusun da mahalarta suka mallaka, kamfani wakili ne mai gudanarwa da ke karɓar ladan aikinsa, ana juya kuɗin a harkokin halal kawai, kuma idan shekara ta ƙare da rara ana iya raba wa mahalarta bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa. Idan asusun ya gaza, kamfanin yakan ba shi rance marar ruwa da za a biya daga rarar shekaru masu zuwa. Lissafin da ke ƙasa bai sauya ba: ana auna haɗarin kowane shago kafin a yanka masa gudummawa, ana cire kason mai kaya daga diyya, kuma wanda ya rubuta miliyan 5 alhali kayansa na miliyan 8 ne, can ma kashi biyar cikin takwas zai karɓa idan takardarsa na ɗauke da wannan sharaɗi.